Yadda ake warware doguwar makalar ra'ayi zuwa hujjoji, ɓoyayyen zato da matsaya

A majalisar da muke zama bayan la'asar a ƙauyenmu, kusa da Auyo, ni ne mai karatu. Wani zai miƙo mini waya ko jaridar da aka zo da ita daga Haɗeja ya ce, "Malam, karanta mana wannan." In makalar ra'ayi ce, kafin in kai ƙarshe an rabu gida biyu, wasu na cewa wallahi marubucin ya faɗi gaskiya, wasu na cewa ɗan siyasa ne ya saye shi. Da na tambaya wace jimla ce gaskiyar, ko wace ce ƙaryar, sai a yi shiru. Daɗin maganar ne ya shiga kunne, amma ba wanda ya riƙe inda ta tashi da inda ta sauka.

Abin da zan nuna a nan shi ne aikin da nake koya wa 'yan ƙungiyar muhawara a makarantarmu. Ana ɗaukar makala mai shafi guda ko biyu a mayar da ita layuka kamar goma, kowane da lambarsa, har mutum ya iya ɗora yatsa ya ce nan ne ban yarda ba. Kayan aikin fensir ne da farar takarda biyu. In a waya makalar take, a kwafe farkon kowane sakin layi a takarda, don ido ba ya riƙe abin da yatsa ke turawa sama.

Makalar da zan yi aiki da ita ta gwaji ce. Ni na haɗa ta wa ɗalibai daga irin maganganun da ake yi a kan shinkafa, don kada in ɗora wa wani marubuci abin da bai faɗa ba. Takenta "A sake rufe boda, manomi ya huta", sakin layi 14.

Mataki na farko: a sa wa kowane sakin layi lamba

Karanta ta sau ɗaya har ƙarshe, fensir a ajiye. A karo na biyu ka sa lamba a gefen kowane sakin layi, ka rubuta abin da ya ƙunsa cikin kalmomin da ba su wuce goma ba. Ga yadda tamu ta fito.

Na 1 da na 2, labarin wani dattijo da ya sayar da shanshera da asara har ya yi ƙwalla a kasuwa. Na 3, tuna dalar gyaɗa ta Kano. Na 4, an rufe boda a 2019, shanshera ta yi daraja, injinan casa sun ƙaru. Na 5, matasa sun koma gona a lokacin. Na 6, shinkafar waje tsohuwa ce, ta daɗe a ajiye. Na 7, masu shigo da ita ba su da kishin ƙasa. Na 8, taki da fetur sun yi tsada tun 2023. Na 9, manomi ba ya mayar da kuɗinsa. Na 10, shinkafar waje ce ta karya farashi. Na 11, talaka mai saye zai sha wuya, amma ta ɗan lokaci ce, in noma ya yawaita farashi zai sauko. Na 12, babu ƙasar da ta ci gaba ƙofarta a buɗe. Na 13, maimaicin na 9 da na 10. Na 14, kira ga gwamnati da addu'a.

A wannan matakin ba a yin gardama. In ka fara rubuta "ƙarya ne" a gefen takarda tun yanzu, sauran aikin duk zai karkace zuwa can.

Mataki na biyu: a nemo matsaya kafin komai

Matsaya ita ce jimlar da marubuci ke so ka tashi da ita, wadda sauran maganar duk take yi wa hidima. Malaman manɗiƙi suna ce mata natija, hujjojin da ke ɗauke da ita kuma muƙaddima. Ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar nan. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan manɗiƙi, har ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi a kan halaccin karanta shi. Ni dai da ɗalibai "hujja" da "matsaya" muke cewa.

Kalmomi irin su "don haka", "saboda haka", "ke nan", "ya zama wajibi" sukan nuna inda matsaya take, "domin", "tunda" da "ganin cewa" kuma sukan gabatar da hujja. Amma kada ka dogara da su kaɗai, don marubutanmu kan sa "don haka" a matsayin ado. Gwajin da ba ya ba ni kunya shi ne na ɗauko jimla biyu in sa "saboda" a tsakaninsu, in juya su gaba da baya. "A rufe boda saboda manomi ba ya mayar da kuɗinsa" magana ce. "Manomi ba ya mayar da kuɗinsa saboda a rufe boda" shirme ne. Wadda ta zauna kafin "saboda" ita ce matsaya.

A nan makalarmu ta fara ba mu aiki. Taken ya ce a rufe boda. Sakin layi na 14 ya ce a hana shinkafar waje shigowa. Ɗalibai suka ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma mutumin Jigawa ya fi kowa sanin haka. Rufewar da aka yi a watan Agusta na 2019 ta shafi kaya iri-iri, masu shiga da masu fita. Da aka buɗe iyakoki huɗu a watan Disamba na 2020, har da ta Maigatari, haramcin shigo da shinkafa ta tudu yana nan ba a ɗage shi ba. Ke nan in hana shinkafa kawai marubucin ke nufi, yana neman a ƙarfafa dokar da aka riga aka sani. In rufe boda ɗungurungum yake nufi, to ya taɓa mai kawo raƙumi da shanu kasuwar Maigatari, da mai kai hatsi da kayan masarufi Nijar.

Wacce za a ɗauka? A duba wadda hujjojin suka dosa. Babban abin da marubucin ya dogara da shi shi ne abin da ya faru a 2019, kuma wancan rufewa ce gaba ɗaya. Don haka muka rubuta matsayar kamar haka, muka sa alamar tambaya a gefe don mu tuna cewa mu ne muka zaɓa:

M. Ya kamata gwamnatin tarayya ta sake rufe iyakokin tudu kamar yadda ta yi a 2019.

Jimla ɗaya, mai aikatawa a bayyane, aikin a bayyane. In matsayarka ta fito kamar "a taimaki manoma", ba ka kai ba tukuna, don babu wanda zai ja da wannan, kuma ba wanda zai ɓata sakin layi 14 a kan abin da kowa ya yarda da shi.

Mataki na uku: sheƙa

Yanzu sai a raba tsaba da ƙaiƙayi. Ga kowane sakin layi ka tambaya: in na cire shi, dalilin yarda da M ya ragu? Na 3 ya tafi, don dalar gyaɗa tana tayar da tsumi amma ba ta ce komai a kan boda ba. Na 7 ya tafi, don ko da masu shigo da shinkafa waliyyai ne ko 'yan fashi, tasirin shinkafarsu a kan farashi bai canza ba. Na 13 maimaici ne. Addu'a mun ce amin, mun ajiye ta.

Labarin dattijo na 1 da na 2 kada a zubar da shi, amma kada a ba shi lamba. Misali ne na abin da na 9 ya faɗa, kuma mutum ɗaya ne. A rubuta shi a ƙarƙashin na 9 a matsayin shaida. Na 5 shi ma ƙari ne a kan na 4.

Na 6 yana da ban sha'awa. Tsufan shinkafar waje hujja ce, amma ta wata matsaya daban, wato a riƙa duba ingancin abin da ke shigowa. Tana tsaye ita kaɗai, ko an yarda da ita ko an ƙi, sauran ginin bai motsa ba. Na 12 ma haka yake, ga shi kuma ya faɗi "babu ƙasar da" bai kawo sunan ko ɗaya ba. Mun ware su biyun gefe. Akwai hujjojin da suke kamar duwatsun murhu, in aka cire ɗaya tukunya ta kife. Akwai kuma masu kama da itacen da aka tokare danga da shi, in ya faɗi danga na nan. Lokacinka na duwatsun murhu ne.

Mataki na huɗu: a rubuta hujjojin, kowace da'awa layinta

Ƙa'idoji huɗu nake bi. Kowane layi da'awa ɗaya, wadda za a iya cewa gaskiya ce ko ba gaskiya ba. A cire zuga da habaici, a bar ma'ana. Tambayar da ba a neman amsarta a mayar da ita zance: "Wa zai ci gaba da noma yana asara?" ta zama "Manomin da ke asara zai daina noma." Sannan a riƙe kalmar adadi yadda marubuci ya sa ta. In ya ce "wasu manoma" kada ka mayar "duk manoma", in ya ce "na iya" kada ka mayar "zai". Nan ne aka fi zaluntar marubuta, sau da yawa ba da gangan ba.

H1. Kuɗin noman shinkafa ya ƙaru tun 2023. (sakin layi na 8)
H2. Farashin shanshera ya faɗi. (na 10)
H3. Shinkafar waje ce ta jawo faɗuwar. (na 10)
H4. Manomin shinkafa ba ya mayar da kuɗin da ya kashe. (na 9)
H5. Bayan rufe boda a 2019 farashin shanshera ya tashi. (na 4)
H6. Wahalar da mai saye zai sha ta ɗan lokaci ce, don farashi zai sauko in noma ya yawaita. (na 11)

Lura da yadda sakin layi na 10 ya haifi biyu. "Shinkafar waje ta karya farashi" a baki jimla ɗaya ce, amma tana ɗauke da cewa farashi ya karye, da kuma cewa ga wanda ya karya shi. Mutum na iya yarda da ta farko don ya je kasuwa ya gani da idonsa, ya tsaya a kan ta biyu. In ka bar su a haɗe, ganin idon zai ja ɗayar ta wuce ba bincike.

Sai a duba wa ke ɗauke da wa. H1 da H2 su ne suka haifi H4, don haka H4 ƙaramar matsaya ce da ta koma hujja. H3 da H5 kuma suna tura mai karatu zuwa wata ƙaramar matsayar da marubucin bai rubuta ta a fili ba, amma ba yadda za a yi a isa M ba a bi ta kanta ba:

ƘM. In aka sake rufe boda, farashin shanshera zai tashi.

Mataki na biyar: abin da ba a rubuta ba

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma nan nake so mu daɗe. Ba wanda ke faɗin duk muƙaddimominsa. In na ce "hadari ya haɗo, a kwashe shanya", ban ce ruwa na ɓata shanya ba, don kowa ya sani. Masu manɗiƙi suna kiran irin wannan ƙiyasi da aka ɓoye masa muƙaddima ɗaya damiri, kalmar da muka ara muka ce lamiri. Ɓoyewar ba laifi ba ce. Matsalar ita ce a makalar ra'ayi, jimlar da aka fi saɓani a kanta ita ce sau da yawa ake bari a ciki, wani lokaci don marubucin da kansa bai taɓa ganin ta a matsayin abin tambaya ba.

Hanyar tono ta guda ce. Ka ɗauka duk hujjojin gaskiya ne, ka sallama su ɗari bisa ɗari, sannan ka ƙago labarin da a cikinsa matsayar ba ta tabbata ba. In ka iya ƙago shi, akwai rami. Jimlar da za ta toshe wannan labarin ita ce ɓoyayyen zato.

Mu fara da tsallaken H5 zuwa ƘM. Na yarda an rufe boda, na yarda farashi ya tashi. Zai yiwu wani abu ne daban ya tayar da shi? Zai yiwu ƙwarai. A cikin watannin nan 16 an yi kullen korona, an rage darajar naira a 2020, ambaliya kuma ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi a daminar wannan shekarar. Kowanne daga cikinsu na iya tayar da farashi. Saboda haka marubucin na buƙatar:

Z1. Rufe bodar ne babban abin da ya tayar da farashi a 2019 zuwa 2020.

Ban ce Z1 ƙarya ne ba. Ina jin akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa sosai. Abin da nake cewa shi ne makalar ta tsaya a kansa ba ta kare shi ba. Alamar irin wannan ramin ita ce kalmar "bayan" ko "tun da aka" tana yin aikin "saboda".

Sai in sake sallama Z1, in sake ƙago labari. An rufe boda bana, amma shinkafar na shigowa ta tashar jiragen ruwa da izinin gwamnati, ko ta ɓarauniyar hanya a kan babura. Farashi bai motsa ba. Wannan ba tatsuniya ba ce, don a watan Yuli na 2024 gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci, ciki har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Abin da ya shigo ta teku, rufe Maigatari ko Illela ba ya tare shi.

Z2. Yawancin shinkafar da ke karya farashi ta tudu take shigowa, kuma rufewa za ta tare ta.

Yanzu tsallake na biyu, daga "farashi zai tashi" zuwa "manomi ya huta". Ƙago manomin da farashi ya tashi amma bai huta ba. Ba sai an wahala ba, duk mun san shi. Shi ne wanda ya ci bashin taki da na fetur ɗin injin ban ruwa, ranar da aka casa ya sayar ya biya. Lokacin da buhu ya yi tsada, shinkafarsa na sito ɗin wani.

Z3. Ƙarin farashin zai isa hannun wanda ya noma.

A nan wata ɗaliba ta gano abin da ni ban shirya ba, ko da yake ni na rubuta makalar. Ta ce, "Malam, babana manomi ne, amma gero da wake yake nomawa, shinkafa a kwano muke saye. Shi a wane layi yake?" Na duba, ashe a H4 "manomi" na nufin mai sayar da shanshera, a taken makalar kuma yana nufin duk mai riƙe da fartanya. Kalma ɗaya ta sauya riga a hanya. Babanta an ƙidaya shi cikin waɗanda za su huta, alhali a H6 yake, cikin masu shan wuya. Tun daga ranar na ƙara wani ɗan aiki: a ja layi a ƙarƙashin kalmar da ta fi maimaituwa, a duba ko mutum ɗaya take nufi daga farko har ƙarshe. "Talaka", "al'umma", "Arewa" da "matasa" duk suna wannan halin.

Rami na ƙarshe yana cikin kowace makalar da ta ƙare da "ya kamata". Dubi H1 zuwa H6, duk labarin abin da ke faruwa ne ko zai faru. Ba ko ɗaya da ta ce ga abin da ya fi dacewa. Ba a samun "ya kamata" a ƙasa sai an zuba shi a sama, kamar yadda ba a samun gishiri a miya in ba a sa ba. Don haka dole akwai zato na fifiko:

Z4. Ribar mai noman shinkafa ta fi nauyi a kan asarar mai saye da ta mai fataucin kan iyaka, kuma babu wata hanya mai sauƙin illa da za ta kai ga wannan ribar.

Z4 ba a warware shi da alƙaluma kaɗai. Mutum biyu na iya yarda da kowane adadi su rabu a nan, kuma rabuwarsu ta mutunci ce.

Akwai kuskure biyu da ake yi wajen rubuta zato. Na farko shi ne a rubuta wanda ya fi ƙarfin abin da ake buƙata, don a ji daɗin rushe shi. Wani ɗalibi ya rubuta Z1 haka: "Babu abin da ke tayar da farashi sai rufe boda." Wannan ko yaro zai kayar da shi, kuma marubucin bai buƙace shi ba. Ka rubuta mafi ƙanƙantar jimlar da za ta toshe ramin, wadda in aka karanta wa marubucin zai ce e, haka nake gani. Na biyu shi ne na ragwanci: "In H1 zuwa H6 gaskiya ne, to M gaskiya ce." Ya toshe ramin kam, amma bai gaya maka komai ba. Zato mai amfani shi ne wanda za ka iya ɗauka ka tafi kasuwar Gujungu ko wurin mai injin casa ka tambaya a kansa.

Kuma kada ka cakuɗa Z da H. Harafin daban ne don mai duba takardarka ya san wanne marubuci ya faɗa da bakinsa, wanne kai ka sa masa.

Mataki na shida: a karanta layukan, a ga ko suna faɗa da juna

Ajiye jaridar, ka karanta takardarka daga sama zuwa ƙasa da ƙarfi. A makalarmu ƘM da H6 suna hararar juna. Ɗaya ta ce manomi zai tsira don farashi zai tashi. Ɗaya ta ce mai saye ya kwantar da hankalinsa don farashi zai sauko. To in ya sauko, ba mun koma H4 ba? A cikin makalar sakin layi shida ne tsakanin na 4 da na 11, kunne ya manta. A takarda kuwa suna maƙwabtaka.

Kafin ka yi shelar ka kama shi, nemi hanyar da maganar za ta daidaita. Akwai ta, kuma lissafi kaɗan zai nuna. Alƙaluman na misali ne. A ce manomi ya kashe naira miliyan 1 da dubu 200 a kadada ɗaya, ya samu buhu 40. Kowane buhu ya tsaya masa a dubu 30. In ana saye dubu 28, ya tashi da miliyan 1 da dubu 120, asarar dubu 80. In da wannan kuɗin ya samu buhu 50, kowane buhu ya tsaya masa a dubu 24, kuma a farashin nan na dubu 28 zai tashi da miliyan 1 da dubu 400, ribar dubu 200. Ke nan farashi na iya sauka manomi ya ci riba, in amfanin kowace kadada ne ya ƙaru. In kuwa yawan masu noman ne kawai ya ƙaru, kowa na samun buhunsa 40, saukar farashi asara ce. Don haka:

Z5. Rufe boda zai sa amfanin kowace kadada ya ƙaru, ko kuɗin noma ya ragu.

Wannan a ganina shi ne mafi rauni a ginin duka. Makalar ba ta ce uffan ba a kan iri, ko ruwa, ko taki mai sauƙi, kuma ba a ga yadda kulle ƙofa a Maigatari zai ƙara buhu goma a fadamar Auyo ba. Lissafin ya kuma tona wani abu: H1 ta ce kuɗin noma ya ƙaru, amma matsayar ba ta taɓa wannan ɓangaren ba sam. An kawo ciwo biyu, an ba da maganin ɗaya.

Ga tsarin a dunƙule, yadda ya kamata ya zauna a takarda ta biyu:

H1 da H2 sun ba da H4.
H3, H5, Z1 da Z2 sun ba da ƘM.
ƘM da Z3 sun ba da cewa mai noman shinkafa zai mayar da kuɗinsa.
H6 na tsaye a kan Z5.
Waɗannan duka da Z4 sun ba da M.

Sai yanzu ake hukunci, kuma layi-layi. Ni nakan sa alama uku: na yarda, ban yarda ba, sai na bincika. H1 na yarda, tunda an cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kuma duk mai injin ban ruwa ya ji a jikinsa. H3 da Z2 sai na bincika. Z5 ban yarda ba. Ka kula, faɗuwar Z5 ba ta nuna M ƙarya ce ba. Ta nuna wannan makalar ba ta kai mu can ba, wata na iya kai mu ta wata hanyar.

Mataki na bakwai: a kai wa mai goyon bayan makalar

Kada ka kai takardarka wurin wanda ra'ayinku ɗaya, zai ce ta yi kyau ko da ka yi son kai. Ni kawuna na kai wa, mai noman rani ne kuma har gobe yana yabon rufewar 2019. Na karanta masa layukan ba tare da alamomina ba, na ce, "Kawu, abin da kuke faɗa ke nan, ko na ƙara muku?"

Ya saurara har ƙarshe, ya ce in maimaita Z3. Da na maimaita ya ce, "A'a, ɗana, wannan ka yi mana nauyi. Ba mu ce duk ƙarin zai zo hannunmu ba. Ko rabi ya zo, dillali ya ci rabi, mun fi yanzu." Gaskiyarsa. Na faɗa ramin da nake hana ɗalibai, na rubuta zaton da ya fi abin da hujjar ke buƙata. Na goge na sa: "Wani kaso na ƙarin, wanda ya isa ya rufe asarar, zai isa hannun wanda ya noma." Ya ce yanzu ka faɗi tamu.

A kan Z5 kuwa ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce shi buhunsa bai ƙaru ba a 2020, kuɗin buhun ne ya ƙaru, kuma a bar wannan layin da alamar tambaya har ya ji ta bakin mutanen Kura.